Tufafi kaɗan, kwalliya da yawa

A Madarunfa, mace takan tara atamfa kala-kala a akwati, amma ranar suna ta rasa abin da za ta sa. Dalili shi ne kowace atamfa da launinta. Rigar wannan ba ta shiga da zanen waccan. Anko ma yana ƙara matsalar, don ba ke kika zaɓi launinsa ba.

Ga dabara. A fara da launin da ba ya faɗa da kowa. Shi ne shuɗi mai duhu, da ruwan ƙasa, da ruwan toka, da fari, da baƙi. Mu kira su uwar launi. Sai a ƙara launi biyu masu haske, kamar ja da rawaya, don ado kawai.

Mu yi lissafi. A ce mace ta je kasuwar Maradi ta sayi yadi marar zane-zane. Tela ya yanka mata zane 3: shuɗi, da ruwan ƙasa, da ruwan toka. Kowane zane yadi 2 ne, ke nan yadi 6. Ta kuma ɗinka riga 4. Ɗaya fara ce, ɗaya ruwan toka, biyu na atamfa. Kowace riga tana shiga da kowane zane. 3 sau 4, 12 ke nan. Da tufa 7 kawai, ta samu shiga 12. Da a ce kowace riga da zanenta kaɗai take tafiya, shiga 4 sai da tufa 8.

Amma akwai sharaɗi. Atamfar rigar, a duba a ga akwai shuɗi ko ruwan ƙasa a cikinta. In babu, lissafin ya rushe. Shi ya sa yana da kyau ki tafi kasuwa da ƙyallen zanenki. Ki ɗora shi a kan atamfar, a waje, cikin hasken rana. Cikin rumfa ido yana ruɗuwa.

Ja da rawaya fa? Wurinsu kallabi ne. Kallabi ba ya cin yadi da yawa, in an gaji da shi a sake wani. Hijabi kuwa ya zama na uwar launi, tunda shi ke rufe komai.

A ƙasarmu ba kowace uwar launi ce ke da sauƙi ba. Fari ba ya jure ƙurar hunturu, sai a bar shi don Juma'a da salla. Baƙi yana jan zafi a bazara, kuma rana tana sa shi ya koɗe. Don aikin yau da kullum, ruwan ƙasa ya fi su.

Shuɗi kuma yakan zuba. Kafin a kai wa tela, a jiƙa bakin yadin, a goga shi da farin tsumma. In tsumman ya ɗauki launi, a wanke yadin shi kaɗai, kada ya ɓata farar riga. A juya shi bai-bai, a shanya a inuwa.

Tambaya: mai zane 2 da riga 5, shiga nawa gare ta?