Kafin ka aika takardar neman tallafin karatu

Ɗana, na karanta bayanin da ka rubuta a kan kanka don neman tallafin Commonwealth, kuma ina so mu gyara shi tun lokaci bai ƙure ba. Rabin shafin farko ya tafi a kan talaucin gida da tafiya makaranta a ƙasa. Gaskiya ka faɗa, ni shaida ne. Sai dai masu tantancewa ba sadaka suke rabawa ba, kuma irin wannan labari yana zuwa musu daga ko'ina. Abin da suke nema shi ne mutumin da ya ga wata matsala da idonsa, ya taɓa ta da hannunsa, ya san ilimin da ya rage masa. Jimla biyu sun ishi maganar talauci.

Abin da ya kamata ka buɗe da shi yana can ƙasa, ka binne shi a layi ɗaya: "Na taimaka wa manoman rani." Wane taimako? Kai ɗan Bebeji ne, madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a ƙaramar hukumarku take, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Ka karanta injiniyancin noma, ka yi aiki da ƙungiyar masu amfani da ruwa. Ka gaya mini da bakinka yadda laka da ciyawar kacalla ke toshe ƙananan hanyoyin ruwa, na bakin hanya ya sha har gonarsa ta jiƙe sharkaf, na ƙarshe kuwa tumatirinsa ya yi yaushi yana jiran layi. Ka ce ka tara su, kuka yashe hanyar, kuka tsara ranakun ban ruwa. To, wannan shi ne bayaninka. Ka rubuta manoma nawa ne, hanyar mita nawa ce, kwana nawa na ƙarshe ke jira da, nawa yake jira yanzu. In ba ka auna ba, koma wurin shugaban ƙungiyar ka tambaya. Kada ka ƙara ko ɗaya a kan abin da ya faru, domin malaman da za su rubuta maka shaida ba za su faɗi abin da ba su gani ba, kuma in maganarku ta saɓa, kai za a zarga.

Daga nan sai ka faɗi inda iliminka ya tsaya, ba tare da jin kunya ba. Kun yashe hanya, bayan damina ta sake cikewa. Ba ka san yadda ake lissafin lakar da ruwa ke ɗaukowa ba, ba ka iya ƙididdige ruwan da ke ɓacewa tsakanin babbar hanya da gona ba. Wannan giɓin shi ne dalilin tafiyarka. Buɗe shafin kwas ɗin, ka nemo darussa biyu da ke koyar da ainihin waɗannan, ka ambace su da sunansu. Yabon jami'a da cewa ta shahara a duniya ba ya ƙara maka komai. Su ma sun sani.

Fom ɗin Commonwealth yana raba maganar amfanin karatu gida huɗu: alaƙarsa da matsalar ci gaba, yadda za ka yi aiki da shi in ka dawo, sauyin da kake sa ran gani, da yadda za a auna sauyin. A na huɗun nan yawancin yaranmu ke faɗuwa. Ka rubuta cewa za ka kawar da yunwa a Arewa. Haba ɗana, wa zai auna wannan? Ka ce cikin shekara biyu da dawowarka za ka yi aiki da ƙungiyoyi kaza a sashe guda na aikin ban ruwan, kuma ma'auninka shi ne kwanakin jiran manomin ƙarshe da buhunan da yake samu a kadada. Ƙaramin alkawari mai ma'auni ya fi shiga kunnen mai tantancewa, don yana nuna ka san girman aikin.

In za ka nemi Chevening ma, kada ka kwafe wannan ka liƙa. Su tambayoyinsu sun karkata ga shugabanci da iya hulɗa da mutane, suna sharɗanta awa 2,800 na aiki da komawa gida na aƙalla shekara biyu. A can, yadda ka shawo kan dattijon da ya ƙi bin layin ruwa ya fi lissafin laka muhimmanci.

In ka sake rubutawa, rufe sunanka da na garinku da yatsa ka karanta da ƙarfi. Duk sakin layin da wani mai digiri daga wata jiha zai iya sa wa hannu ba tare da ya canza kalma ba, goge shi. Sannan ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko, tare da alƙaluman da ka samo daga wurin shugaban ƙungiyar, mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.