Caja Nawa Ya Kamata Mai Shago Ya Saro? Lissafin EOQ da Tsarin JIT a Wayarka

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kayan waya ya san wannan tsaka-mai-wuyar. In mai shago ya saro kaya da yawa, jarinsa ya kwanta a kwali, ga kaya sun cika shago amma babu kuɗin juyawa. In ya saro kaɗan, kullum yana biyan kuɗin mota, wata rana kuma kwastoma ya zo a ce masa "ya ƙare", ya wuce shagon gaba. Masana harkar sarrafa kaya suna da hanyoyi biyu sanannu na magance wannan. Ta farko lissafi ce da ake kira EOQ, wadda ke fitar da adadin da ya fi sauƙin kuɗi a kowace oda. Ta biyu ita ce JIT, tsarin da ba a kawo kaya sai daidai lokacin da ake buƙatarsu. Wannan darasi zai bi su da misalin shago guda, kuma duk lissafin ana iya yin sa a waya.

Kuɗaɗe biyu da ke ja-in-ja

A ɗauka akwai wani matashi mai shago a kasuwar Fam Santa ta Kano, yana saro caja daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Lambobin da ke tafe na misali ne, kowa zai sa nasa a madadinsu.

Yana sayar da caja 2,400 a shekara, wato 200 a wata, kuma kowace tana zo masa a kan N4,000. Duk lokacin da ya yi oda akwai abin da yake kashewa wanda bai damu da yawan kayan ba: webil, ladan wanda ya haɗa kayan ya kai tasha, ɗan dako, adaidaita daga tasha zuwa shago, da cajin tiransifa. A ce sun kama N15,000. Wannan shi ne kuɗin oda.

Na biyu shi ne kuɗin ajiya, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi domin ba a ba da rasit a kansa. Cajar da ke kwance a shago ta riƙe N4,000 da za a iya juyawa a wasu kayan. Ta cinye wuri a shagon da ake biya wa haya. Wasu za su lalace, wasu za su ɓace, wasu kuma yayinsu zai wuce. A ce duk wannan ya kai kashi 20 cikin 100 na farashin kayan a shekara, wato N800 a kan kowace caja.

To ga inda rikicin yake: oda babba tana rage kuɗin oda amma tana ƙara kuɗin ajiya, oda ƙarama kuma akasin haka.

Lissafin kansa

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ford W. Harris ne ya wallafa wannan lissafi a 1913, kuma har yau ana koyar da shi:

```
EOQ = √(2DS / H)
```

D shi ne adadin da ake sayarwa a shekara, S kuɗin oda guda, H kuma kuɗin ajiye abu ɗaya na shekara. Alamar √ tana nufin lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke ciki.

A manhajar Google Sheets ko Excel ta waya, a rubuta 2400 a gidan B1, 15000 a B2, 800 a B3. Sannan a gidan B4 a rubuta:

```
=SQRT(2*B1*B2/B3)
```

Amsa za ta fito 300. Da hannu ma haka ne: 2 sau 2,400 sau 15,000 ya ba da 72,000,000, a raba da 800 a samu 90,000, kuma 300 sau 300 shi ne 90,000.

Ma'ana mai shagon ya riƙa saro caja 300 a kowace oda, sau 8 a shekara. Kuɗin oda zai zama 8 sau N15,000, wato N120,000. Wajen kuɗin ajiya kuwa, kayan suna sauka ne daga 300 zuwa sifiri, don haka matsakaicin abin da ke shago rabi ne, 150. In aka ninka da N800 an samu N120,000. Jimilla N240,000 a shekara. Daidaituwar lambobin biyu ba dace ba ce: a wannan lissafi, wurin da kuɗin oda ya yi daidai da kuɗin ajiya nan ne mafi sauƙi. Wannan ma hanya ce ta gane ko an yi kuskure, domin in sun bambanta sosai to akwai lambar da aka shigar ba daidai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa cinikin wata a D alhali H na shekara ne.

Ga yadda sauran zaɓin suke:

- Oda ta 100: sau 24, kuɗin oda N360,000, ajiya N40,000, jimilla N400,000.
- Oda ta 200: sau 12, N180,000 da N80,000, jimilla N260,000.
- Oda ta 400: sau 6, N90,000 da N160,000, jimilla N250,000.
- Oda ta 1,200: sau 2, N30,000 da N480,000, jimilla N510,000.

Abin lura a nan shi ne, tsakanin 200 da 400 bambancin bai wuce N20,000 ba a shekara. Don haka in kwali yana ɗaukar caja 250 ko 350, ba sai an matsa a kan 300 cif ba. Asarar gaske tana can gefe biyu, wajen mai saro 100 da mai saro 1,200.

Yaushe za a sake yin oda?

EOQ ya faɗi nawa, bai faɗi yaushe ba. In shagon yana buɗewa kwana 300 a shekara, caja 8 ke fita a rana. In kaya suna ɗaukar kwana 5 daga Legas, dole a yi oda tun saura 40. Amma mota kan lalace, hanya kan cushe, wani lokaci kaya su kai kwana 8. Waɗannan ƙarin kwana 3 suna buƙatar caja 24 na ko-ta-kwana. Ke nan da zarar kaya sun sauko 64, lokacin kiran dila ya yi. Wanda ba ya son ƙirga kullum zai iya ware 64 ɗin a kwali daban ya ɗaure, ranar da aka kwance shi ranar za a yi oda.

Inda lissafin yake gazawa

Lissafin ya ɗauka cewa ciniki bai canzawa duk shekara kuma farashi a tsaye yake. Kasuwa ba haka take ba. Ciniki kan tashi gab da Sallah, farashi kuma yana bin dala. Saboda haka ya kamata a sake shigar da lambobi duk bayan 'yan watanni.

Bai kuma san da ragi ba. A ce dila ya yi alkawarin rage N100 a kowace caja in an ɗauki 600. Oda 4 a shekara N60,000 ke nan, ajiyar 300 a kan N780 kuma N234,000, jimilla N294,000. An ƙara N54,000 a kan na da, amma ragin ya tsirar da N240,000 a shekara. A nan karɓar ragin ya fi, in dai akwai jarin.

Babban tarkon kayan waya shi ne wucewar yayi. Lokacin da iPhone 15 ta fito a 2023 da ramin caji na USB-C a maimakon Lightning, kasuwar tsohuwar igiyar ta fara komawa hannun masu tsofaffin wayoyi kaɗai. Gilashin kare fuska da rigar waya sun fi haka haɗari, domin kowanne na samfuri guda ne. Irin waɗannan kayan H ɗinsu ya fi kashi 20 nesa ba kusa ba, kuma da H ya hau, EOQ sauka yake yi.

JIT: a rage kuɗin oda maimakon a haƙura da shi

Kamfanin Toyota na Japan ne ya gina wannan tsari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarƙashin injiniya Taiichi Ohno. Maimakon a tara sassan mota a sito, kowane sashe na masana'anta yana karɓo abin da yake buƙata ne kawai daga na bayansa. Wani kati da ake kira kamban yana tafiya da akwatin kaya, in akwati ya ƙare sai katin ya koma baya a matsayin umarnin a ƙera wani. EOQ yana karɓar kuɗin oda yadda yake, shi kuwa JIT tambaya yake yi: me ya sa oda take da tsada, kuma yaya za a karya ta?

A gwada a shagon nan. In mai shagon ya koma saro wa wajen dila a cikin kasuwar, ba webil ba tasha, kuɗin oda zai iya sauka zuwa N600. A canza B2 zuwa 600, amsa ta koma 60, kusan cinikin mako guda. Oda 40 a shekara N24,000, ajiyar 30 ma N24,000, jimilla N48,000. An tsirar da N192,000, kuma jarin da ake ɗaurewa a oda guda ya sauka daga N1,200,000 zuwa N240,000.

Sai dai dilan gida yakan ɗora ribarsa. In aka raba N192,000 da caja 2,400 za a samu N80. Wannan ita ce iyaka: in ƙarin da dila ya yi bai kai N80 a kowace caja ba, sayen gida ya fi. In ya ɗora N150, Legas ta fi sauƙi, sai dai ga wanda jarinsa bai kai odar 300 ba.

Haɗarin JIT kuwa shi ne babu abin dogaro in kaya sun yanke. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka afka wa Japan a watan Maris na 2011 sun tsayar da aikin Toyota saboda rashin sassa, haka kuma ƙarancin ƙwaƙwalwar lantarki na 2021 ya sa kamfanonin mota da dama rage ƙira. A shago ma haka ne: ranar da dila ya ce babu, mai caja 60 ba shi da abin sayarwa bayan mako guda. Shi ya sa wanda zai bi wannan tsari yake buƙatar dila kusa, mai cika alkawari, da kuma na biyu a ajiye.

Ba dole shago ya zaɓi hanya ɗaya ba. Kaya masu arha da ke fita kullum kuma ba sa saurin tsufa, kamar caja da igiyar USB-C, EOQ ya dace da su. Kaya masu tsada da farashinsu ke faɗuwa da fitowar sabon samfuri, kamar wayoyin kansu, JIT ya fi musu, kuma abin da 'yan kasuwar waya ke yi ke nan in suka ce wa kwastoma ya zauna su karɓo masa daga maƙwabta. Wanda zai fara, ya ɗauki kaya guda da ya fi fita a shagonsa, ya duba littafin ciniki na wata uku ya ninka da huɗu ya samu D, ya tara abin da odarsa ta ƙarshe ta ci ya samu S, sannan ya kwatanta amsar B4 da adadin da ya saba sarowa.