Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ƙarin wannan watan ya fi na watan jiya?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Muda Lawal, nan cikin garin Bauchi. Na karɓi rance a wani ƙaramin banki, wa'adi ya cika ban samu na biya ba. Abin da ya ɗaure min kai, kuɗin da suka ƙara min a wata na biyu ya fi na watan farko, na uku kuma ya fi na biyu, alhali ban sake karɓar ko kwabo ba. Cuta ce, ko haka lissafin yake?

Amsa: Malam, Allah ya hore yadda za a biya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin kunya ka tambaya ba. Zan amsa maka da ɗan labari. Ƙirƙirarsa na yi, amma lissafin da ke ciki za ka iya gwada shi da kalkuletar wayarka.

Wani mai sayar da atamfa a Kasuwar Wunti ya karɓi rancen naira 200,000 na wata uku, a kan kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 duk wata. Ya hau mota zuwa Kano, ya saro turmi 25 a Kantin Kwari, kowanne a naira 8,000. Ranar cikar wa'adi abin da zai mayar shi ne 230,000: uwar kuɗi, da ruwan wata uku 30,000. A daidai lokacin sai wani mai kai kaya kasuwannin ƙauye ya taya duka turamen a 9,200 kowanne, kuɗi hannu. In ka lissafa, 230,000 ke nan cif. Bashi zai mutu, amma babu ko sisin riba. Mai atamfa ya ce albarka. Saura wata huɗu Sallah, kuma yana da yaƙinin a lokacin turmi zai kai 11,000. A ransa ya ce ai ruwan dubu goma-goma ne a wata, ribar Sallah za ta shanye shi.

Ƙarshen watan farko saƙo ya shigo wayarsa: 243,800. An ƙara 13,800, ba 10,000 ba. Ya yi tsaki ya mayar da wayar aljihu. Wata na biyu ya zama 258,428, ƙarin 14,628. A nan ne ransa ya ɓaci, ya tsallaka rumfar maƙwabcinsa, wani dattijo da ya taɓa aikin akanta kafin ya yi ritaya, ya miƙa masa wayar ya ce, "Baba, dubi yadda mutanen nan ke cin amanata."

Dattijon ya ce ya kawo takardar da ya sa wa hannu. Ya gyara tabarau, ya bi ta da yatsa har ya tsaya a kan wani layi mai ƙananan haruffa a shafi na biyu. Sai ya yago gefen kwali, ya zaro biro daga bayan kunnensa. Ya ce, "Ɗana, abu biyu ne suka canza ranar da wa'adinka ya wuce. Na farko, an ɗora maka tarar jinkiri, kashi 1 duk wata, biyar ta koma shida. Na biyu ya fi ciwo. Da, a kan 200,000 da ka karɓa ake lissafin ruwan. Yanzu a kan duk abin da ake bin ka ake yi, har da ruwan da ba ka biya ba." Ya rubuta 230,000, ya fitar da kashi 6, ya sami 13,800. Ya haɗa su, ya sake fitar da kashi 6 na sabon jimillar, sai ga 14,628. Bambancin naira 828 da ke tsakani, shi ne kashi 6 na waccan 13,800 ta watan jiya. Ruwan da aka bari ba a biya ba, shi ma ya fara haifar nasa ruwan.

Suka ci gaba a kan kwalin. Wata na uku 273,934. Wata na huɗu, wato Sallar da ake jira, 290,370. Turmi 25 a 11,000 kuwa 275,000 ne. Ko da kasuwa ta yi yadda yake fata, ya sayar da komai bai bar ko ƙyalle ba, sai ya nemo wata 15,370 daga aljihunsa ya cika. Washegari ya nemi mai kai kaya ƙauyen nan.

To Malam, ga dukkan alamu wannan ne ke faruwa da naka. Ba lallai cuta ba ce, amma kada ka ɗauka a kan yarda kawai. Ƙa'idar cajin bankuna ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ƙayyade tarar jinkiri: ba ta wuce kashi 1 a wata na kuɗin da ba a biya ba, bayan ruwan da ke gudana, kuma akwai sassaucin kwana bakwai kafin ta hau. Ka je ka nemi a buga maka cikakken bayanin asusun rancen, wata bayan wata. Ka raba ƙarin kowane wata da jimillar da ake bin ka a farkon wannan watan. In kason yana fitowa iri ɗaya kuma ya dace da na takardarka, lissafin daidai ne, ɗaci kawai gare shi. In kason da kansa yana hawa, ko ka ga wani cajin da babu shi a yarjejeniya, ka rubuta ƙorafi ga bankin, ka riƙe kwafi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne batun biyan rabi-rabi, don a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Wasu na cewa sai kuɗin ya haɗu gaba ɗaya za su kai. Da mai atamfa ya karyar da wasu turame ya kai 100,000 ranar wa'adi, da ƙarin watan farko 7,800 ne, kuma cikin wata huɗu da abin da ya hau kansa bai wuce 34,122 ba, maimakon 60,370. Wasu kuma suna kai abin da bai taka kara ya karya ba, su koma gida da kwanciyar hankali. Wanda ya kai 10,000 a watan da aka ƙara masa 13,800 bai taɓa uwar kuɗi ba, bashin ma ya ƙaru da 3,800. Galibi tara da ruwa ake fara cirewa daga abin da ka kai, saura ne ke rage asalin bashin. Saboda haka duk abin da za ka kai, ya zarce ƙarin wannan watan. A kashi 6 kuwa, bashin da aka yi watsi da shi yana ninka kansa cikin kimanin shekara guda.

Na san wani zai ce tun farko me ya kai Musulmi ga kuɗin ruwa. Gaskiya ne, hukuncin riba sananne ne, kuma wannan ƙarin a kan ƙari yana cikin abin da malamai suka fi tsoratarwa a kai. A bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, cinikin murabaha farashinsa a yanke yake tun ranar farko, jinkiri ba ya ƙara wa banki riba, tarar da aka ci mai taurin bashi kuma sadaka ake yi da ita. Wannan na gaba ne. Wanda ke wuyanka yanzu, ka je ofishinsu kafin ƙarshen watan nan da abin da ka iya tarawa, ka roƙi a sake tsara maka biya kashi-kashi, a dakatar da tara, kuma duk abin da aka amince a rubuta shi a sa hannu.