Sa'ad da Albarkar Aboki ta Zame Mana Ƙaya

A yawancin ikkilisiyoyinmu ba a cika yin wata guda ba tare da wani iyali ya zo yin godiya ba. Za su taso daga ƙofa da rawa, da doya da kaji a hannu, zumuntar mata na kaɗa tulu, mu kuwa mu bi bayansu muna tafi. Amma a cikin masu tafin nan akan sami wanda hannunsa ke tafi, ƙirjinsa na suya. Sau da yawa kuma ba baƙo ba ne, abokin mai godiyar ne na ƙut da ƙut. Dukanmu mun taɓa tsayawa a wannan matsayi, ko da ba mu taɓa faɗa wa kowa ba.

Mukan ji kunyar wannan zafi ƙwarai, har mu yi saurin binne shi kafin mu dube shi. A nan ne kuskurenmu yake. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a shekarar 1992, ya yi maganar hassada a ƙarƙashin doka ta goma, a sakin layi na 2538 zuwa 2540, ya kuma lissafta ta cikin manyan tushen zunubi. Amma wannan littafin ne kuma ya koyar cewa motsin zuciya, a kan kansa, ba nagari ba ne, ba kuma mugu ba ne, sai hankali da nufi sun sa masa hannu. Watau sukar farko da muka ji sa'ad da labarin ya iso kunnenmu ba ita ce zunubin ba tukuna. Abin da muka yi da ita bayan nan shi ne abin shari'a.

Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekarar 1274, ya bincika wannan al'amari a babban littafinsa na tauhidi. Ya lura cewa talaka ba ya yi wa sarki hassada, gama wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Wanda muke wa hassada shi ne na kusa, wanda muke ganin za mu iya kamo shi ko mu wuce shi. Shi ya sa dukiyar attajirin birni ba ta hana mu barci, amma kwanon rufin da abokinmu ya sa wa ɗakinsa ya hana. Ya kuma nuna cewa baƙin ciki a kan alherin wani iri huɗu ne, ba duka ne hassada ba. Akwai na tsoro, sa'ad da muke ganin ɗaukakarsa za ta cuce mu. Akwai na rashi, inda muke baƙin ciki domin mu ba mu da abin, ba domin shi yana da shi ba. Akwai na ganin bai cancanta ba. Sa'an nan akwai na ƙarshe, inda abin da ke cin mu shi ne kawai ya fi mu. Wannan na ƙarshe shi ne hassada ta ainihi, kullum kuwa zunubi ce. Na rashi kuwa, in abin kirki ne muke marmari, Waliyi Toma ya ce yana iya zama abin yabo.

Wahalar ita ce, duka huɗun ɗanɗanonsu ɗaya ne a baki. Sai an zauna an tambayi zafin kafin a san ko wanne ne.

Bari mu ɗauki misali. A ce malamai biyu ne a wata makarantar firamare ta ƙauye, tare aka yi musu baftisma, tare suka fara koyarwa. Ɗaya ya tafi kwalejin ilimi, ya yi shekara uku, ya komo da takardar shaida. Ba da daɗewa ba aka naɗa shi shugaban makarantar, ya sayi babur, ya yi godiya a coci. Ɗayan kuwa ya ci shinkafar godiya, ya koma gida, barci ya ƙi zuwa. Da safe ya ji bakinsa na gaya wa matarsa cewa ai abokin nan nasa ya fara ɗaga kai, alhali mutumin bai yi masa kome ba.

Abin da ya kamata malamin nan ya fara yi shi ne ya kira abin da sunansa a gaban Allah, a addu'arsa ta dare: Ubangiji, na ji zafin albarkar ɗan'uwana. Muddin yana kiransa "ɗaga kan aboki", ba zai koyi kome ba, gama ya ɗora ciwon a jikin wani.

Daga nan sai ya rarraba albarkar kashi kashi, domin nasara ba dunƙule ɗaya ba ce. A hannun abokinsa akwai kujerar shugabanci, da babur, da takardar shaida, da kuma yabon da Fada ya yi masa a gaban jama'a. Sai ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa: da za a ba ni wannan kaɗai, tare da wahalar da ke cikinsa, ina so? Kujerar tana tafe da cike takardu, da zirga-zirga zuwa ofishin ilimi, da sasanta iyayen yara, shi kuwa ya san ransa a cikin aji yake. Ya ga ba ya so. Babur zai yi amfani, amma da ya yi tunaninsa zuciyarsa ba ta motsa sosai ba. Da ya zo kan takardar shaida sai ya ji sukar ta komo sabuwa. Ya tuna shi ma ya taɓa karɓar takardar neman shiga kwaleji, ya ajiye ta domin kuɗin makarantar ƙannensa, ya ce sai baɗi, har baɗi goma suka wuce. Ashe ba abokinsa ne ciwon ba. Abokin ya taɓa wani tsohon gyambo ne da shi kansa ya manta yana nan.

Akwai tambaya guda biyu da za su tabbatar masa ko ya gano gaskiya. Ta fari, da za a ba ni abin nan, abokina kuma ya ci gaba da riƙe nasa, har ya ƙara gaba, zan huta? Ta biyu, da za a ƙwace nasa gobe, ni kuma ban sami kome ba, zan ji sanyi? In amsar ta fari i ce, ta biyu a'a, to, baƙin cikin rashi ne, ya kuwa nuna mana hanya. In ta biyu ce ta sa mu murmushi a ɓoye, hassada ta riga ta shiga gida, sai a nemi tuba.

Malaminmu ya iske amsarsa gauraye take, kamar yadda ta yawancinmu take. Kashi mafi yawa marmarin karatu ne, amma akwai ɗan kashi da ke so a ce makarantar ta gagari abokinsa. Kowane kashi da maganinsa. Na karatu yana bukatar aiki: ya bincika ko zai iya karatun a lokacin hutu, ko ta hanyar karatu daga nesa irin wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna take shirya wa malaman da ke bakin aiki, ya lissafta kuɗin zango ɗaya, ya zauna da matarsa su ga buhu nawa na masara za a sayar. Mutumin da ya fi kowa sanin hanyar nan kuwa, ga shi a ofis kusa da ajinsa. Hassada takan raba mu da wanda ya fi dacewa mu tambaya.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu da labari ɗaya ya iske. A 1 Sama'ila sura 18, mata suka fito taryen mayaƙa, suka ba Dawuda yabon da ya ninka na Saul sau goma. Saul ya husata, washegari ma ya jefe shi da mashi. In mun koma sura 15 za mu ga Sama'ila ya riga ya faɗa masa an yage mulki daga hannunsa saboda rashin biyayyarsa. Zafin da ya ji yana nuna masa abin da ya lalace tsakaninsa da Allah, amma ya karanta shi a matsayin laifin Dawuda, ya ɓata sauran kwanakinsa yana farautar bawansa mafi aminci. Jonatan kuwa, wanda gadon sarauta nasa ne bisa ga al'ada, shi ya fi kowa hasara a ɗaukakar Dawuda. Duk da haka ya tuɓe rigarsa ya ba shi, har da takobi da baka da ɗamara, daga baya kuma ya bi shi jeji ya ƙarfafa shi, kamar yadda sura 23 ta nuna. Jonatan ya san abin da ya fi so, ba kuwa kursiyin ba ne.

Kada mu ɗauka cewa duk abin da binciken nan ya tono za mu same shi. Matar da ta shekara goma sha biyar ba haihuwa, ta kuma je sunan ɗan ƙawarta na huɗu, ba ta bukatar a koya mata abin da take so. Ba wani lissafin buhu da zai share mata hawaye, kuma rashin tausayi ne a ce mata ta ƙara ƙoƙari. Abin da binciken zai yi mata shi ne ya raba baƙin cikinta da ƙawarta, ta san makoki take yi, ba ƙiyayya ba, ta kai shi inda Hannatu ta kai nata a Shilo, a 1 Sama'ila sura 1. Wani kuma zai bincika ya iske ba ya son kome daga cikin kayan abokinsa, so yake kawai a riƙa ambaton sunansa a gaba. Wannan ma sani ne mai amfani, ko da yake mai ɗaci ne, gama ya gano girman kai, wanda Katikisim ya ce sau da yawa daga gare shi hassada take fitowa.

Ta yaya za mu gane cewa zafin ya ƙetare iyaka? Waliyi Giregori Babba, wanda ya zama Paparoma a shekarar 590, ya lissafta 'ya'yan da hassada ke haifa: ƙiyayya, da raɗa, da ɓata suna, da murna a kan masifar maƙwabci, da ɓacin rai a kan wadatarsa. A zamanmu na yau raɗa ce takan fara fitowa, tana kuma sa rigar ibada. Mukan ce a sa wane a addu'a, gama ba mu san inda ya samo kuɗin nan ba. Wani lokaci har mu yi zargin asiri ga mutumin da muka ga guminsa da idonmu. Kalma irin wannan, in ta fita a bakin aboki, ta fi ta maƙiyi nauyi, domin jama'a za su ce ai shi ya san shi.

Wanda ya kai nan, in ya je gaban Fada domin faɗin zunubi, kada ya tsaya ga cewa yana da hassada kawai. Ya faɗi abin da ya yi da ita: ya yi raɗa sau kaza, ya ƙi zuwa barka, ya ji daɗi da abokinsa ya yi hasara. Sunan da aka ɓata kuwa bashi ne, sai an koma wurin waɗanda suka ji maganar an gyara ta. Malaminmu sai ya fara da matarsa, ya ce mata maganar ɗaga kan nan ba gaskiya ba ce. Bayan wannan ya tafi gidan abokinsa da yamma, ya yi masa barka da bakinsa ko da zuciyar ba ta gama yarda ba, ya roƙe shi ya nuna masa yadda ake cike takardar neman shiga.