Darasi: Duba takardunka kafin ka tura

Daga Tebaram zuwa Tawa tafiya ce. A yau mai neman aiki ko gurbin karatu yana iya tura takardunsa ta waya, in sanarwa ta ba da adireshin imel. Sai dai wanda zai karɓa bai san fuskarka ba. Abin da zai fara gani shi ne sunayen takardun.

A ce sunanka Isa Garba. Ka ɗauki hoton takardar haihuwarka, aboki ya turo maka ta shaidar zama ɗan ƙasa ta WhatsApp. Waya ce ke raɗa musu suna, irin wannan:

```
IMG-20240312-WA0007.jpg
```

Ma'aikacin ofis yana da irin wannan suna da yawa a gabansa. In ya sauke su wuri ɗaya, ba zai san taka ba. Saboda haka ka danne takardar, ka zaɓi `Renommer`, ka sa abu biyu: wace takarda ce, kuma ta wane ne. Rubuta sunanka yadda yake a takardar haihuwa, da harshen da aka yi sanarwar:

```
Acte_naissance_Issa_Garba.jpg
CV_Issa_Garba.pdf
```

Yanzu dubi haruffan da ke bayan ɗigo. Su ke nuna irin takardar. `.jpg` hoto ne. `.docx` rubutu ne da ake iya gyarawa, kuma layukansa kan goce a na'urar wani. `.pdf` yakan buɗe yadda ka bar shi, shi ya sa ofisoshi suka fi neman sa.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sai su goge `.jpg` su rubuta `.pdf` da hannu. Wannan kamar rubuta "shinkafa" ne a buhun gero. Takardar tana nan hoto, kuma sau da yawa ta ƙi buɗewa. Sai an juya ta da manhajar sikan, ko ka ba mai shagon buga takardu ya juya maka. Bayan haka ka buɗe ta, ka duba: hatimi ya fito? Kwanan wata yana karantuwa?

Saura mahaɗi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 Mo. In ya wuce, sai ya ajiye shi a Google Drive ya tura mahaɗi kawai. A wayarka zai buɗe, tunda naka ne. A wajen wani yana iya cewa a nemi izini, kuma ma'aikaci ba lallai ya tsaya roƙonka ba. Gwajin mai sauƙi ne: tura wa ƙanenka, ya latsa a wayarsa. In ya ƙi, shiga Google Drive ka canza `Limité` zuwa `Tous les utilisateurs disposant du lien`. Amma ka sani, duk wanda ya sami mahaɗin zai ga takardunka. In da hali, gara ka rage nauyinsu ka liƙa su kai tsaye.

Kafin ka tura wa ofis, fara tura wa kanka. Ka ƙirga takardun, ka gwada su da jerin da ke cikin sanarwa, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya.