Raba Jari Biyu: Lissafin Riba da Haɗari

A ce ka zuba kashi 60 cikin ɗari na kuɗinka a hannun jarin A, 40 a B. Ana sa ran A zai ba da ribar 10%, B kuma 20%. Ribar haɗin ba ta da wuya: 0.6×10 a tara da 0.4×20, wato 14%. Alaƙar da ke tsakaninsu, wato ρ, ba ta taɓa wannan adadi.

Haɗarin ne ke kayar da ɗalibai. Ma'aunin tangal-tangal ɗin riba, σ, na A 20% ne, na B 30%. Fara ninka kowanne da kasonsa: a = 12, b = 12. Sannan σ na haɗin shi ne:

```
σ = √(a² + b² + 2ρab)
```

Idan ρ = 1, tare suke hawa da sauka, σ ya zama 24%, rabawar ba ta tsinana komai ba. Idan ρ = 0, tushen 288 ke nan, kusan 17%. Idan ρ = −1, faɗuwar wannan tashin wancan ce, σ ya koma sifili. A takarda ke nan. A kasuwa da wuya ka gamu da haka, kuma lokacin rikici alaƙar kan ƙaru, kamar yadda aka gani a 2008.

Duba amsarka: dole ta faɗa tsakanin bambancin a da b da jimillarsu. In ka ga 288, ka manta cire tushe.