Kafin Ka Tura Kuɗin Fili Gida

'Yan'uwa, yawancinmu da hoton waya muke sayen fili a gida: dillali ya turo hoton wuri da na takarda, ya ce akwai wani mai so, a gaggauta. Bari in ɗauki misali guda mu bi shi a tsanake.

A ce an yi maka tayin fili mai ƙafa 50 da 100 a Kano, da takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Ka fara duba sunan da ke jikinta. Idan na mahaifin mai sayarwa ne, kuma ya rasu, to filin gado ne, kuma kasancewar takarda a hannun babban ɗa ba ta mayar da shi mai fili. Kafin rabo kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, har matar mamacin da 'ya'yansa mata da ke gidajen aure, waɗanda su aka fi mantawa. Sai ka nemi takardar rabon gado daga kotu wadda ta nuna filin ya faɗo a kasonsa, ko magada duka su sa hannu a gaban shaidu. In akwai maraya ƙarami a cikinsu, ni ba na ba da shawarar a saya sai da izinin alƙali.

Ita kanta takardar ana buga jabunta. Lauyanka, wanda kai ka ɗauka ba wanda dillali ya kawo ba, shi zai kai lambarta hukumar KANGIS, ya biya kuɗin bincike. A can za a ga sunan da ke rajista, da ko an jinginar da filin a banki, ko gwamnati ta soke mallakar, ko ana bin sa bashin harajin ƙasa.

Takarda tana iya zama ta gaskiya amma ta wani filin ce. Saboda haka mai awon ƙasa ya je ya gwada duwatsun iyaka da taswirar da ke haɗe da ita. Wakilinka kuma ya koma wata rana shi kaɗai, ya tambayi maƙwabta da mai unguwa ko filin wa ne. Wurin da aka sayar sau biyu, su suka fi kowa sani.

Idan komai ya daidaita, ka biya ta banki cikin asusun mai sunan, bayan an sa hannu a yarjejeniya. Sauran aiki ɗaya: dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, kuma mallakar da ya bayar ba ta komawa ga wani sai da amincewarsa. Muddin ba a nemi wannan amincewa an yi rajista ba, sunan mamacin ne zai ci gaba da zama a kundin gwamnati.